Inda kake kwana da inda wasiƙa ke samunka: adireshi biyu a fom ɗin biza

Wanda ya zauna cike fom ɗin DS-160, na neman bizar ziyara ko karatu a Amurka, zai iske shafin da ke neman "Home Address". Yana gama cikewa sai ga tambaya a ƙasa: "Is your Mailing Address the same as your Home Address?" Wato, adireshin da ake aiko maka wasiƙa shi ne na gidan da kake zaune? Idan ya danna "Yes", an wuce wurin. Idan ya danna "No", sai wasu layuka su buɗe ya rubuta na biyun.

Na farko shi ne inda kake kwana kake tashi a yanzu. Ba gidan gado ba, ba garin haihuwa ba, ba kuma shagonka ba. Na biyu kuwa duk inda takarda za ta iso hannunka ne: akwatin gidan waya, ofis, ko gidan wani ɗan'uwa. A Nijar, inda aka saba da lambar B.P., kusan kullum biyun sukan bambanta, kuma babu laifi a hakan. Laifin shi ne a sa akwatin gidan waya a gurbin gida, domin ba wanda ke kwana a cikin akwati.

A ɗauki misalin wani malamin makaranta, haifaffen Katsina, da ya shekara shida yana koyarwa a Kaduna, yana haya a Unguwar Rimi da iyalinsa. Da aka ce "gida", zuciyarsa ta tafi Katsina, ya rubuta gidan mahaifinsa. Can gaba, a shafin sana'a, ya rubuta makarantar da ke Kaduna. Takardar bankinsa ma Kaduna take nunawa. Ranar ganawa jami'in biza yana duban fom ɗin da ke cewa mutum na kwana a Katsina yana aiki kullum a Kaduna. Malamin bai yi niyyar ƙarya ba, amma 'yan mintocin da aka ba shi sun tafi wajen warware abin da shi ya ɗaura. Abin da ya kamata shi ne Unguwar Rimi a "Home Address". In kuma masinja ba ya gane gidan, sai ya danna "No" ya ba da adireshin makaranta.

Dalilin da ya sa adireshin zama ya fi nauyi yana cikin dokar shige da fice ta Amurka. Sashe na 214(b) yana ɗaukar mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama dindindin, har sai ya gamsar da jami'i cewa yana da abin da zai dawo da shi. Gida, aiki da iyali da ke wuri guda suna cikin wannan hujja. Adireshin wasiƙa ba ya tabbatar da komai game da rayuwarka.

Sai matsalar gidajen da ba su da lamba, waɗanda muke kwatantawa da "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi". Kada ka ƙirƙiri lamba. Rubuta sunan layi da unguwa, ka ƙara alamar da ba ta tashi, ka kuma daidaita shi da abin da ke takardar banki ko ta wutar lantarki. Fom ɗin ba ya karɓar haruffa masu ƙugiya, saboda haka Ƙofar Mata za ta zama Kofar Mata. Lambar yanki ta gidan waya a Najeriya alƙaluma shida ce, kuma inda babu ita akwai akwatin "Does Not Apply".

Da yawa suna zaton adireshin wasiƙa ne zai sa a kawo musu fasfo har gida. Ba haka ba ne. Wurin karɓar fasfo a shafin yin alƙawarin ganawa ake zaɓarsa, daban da DS-160. Inda adireshin aike ke da tasiri sosai shi ne fom ɗin DS-260 na masu ƙaura, wanda ke tambayar inda za a aika katin zama a cikin Amurka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɗabi'ar wasu masu kafe da ejan-ejan, da ke zuba adireshin shagonsu a fom ɗin kowa don sauri. Kai ne ka sa hannu, kai za a tambaya. Karanta shafin bita layi-layi kafin a tura, domin da zarar an tura DS-160 ba a gyara shi. Sai dai a cike sabo, a sami sabuwar lambar tabbatarwa mai farawa da AA, sannan a tabbatar ita ce ke kan alƙawarin ganawarka.