Inda Tsamin Alif Yake Fitowa

Ɗauki kofi biyu na ruwa mai tsabta. Ka narka gishirin miya a ɗaya, ka narka ɗan gutsuren alif a ɗayan, irin wanda ake jefawa a randa don ruwan rafi ya kwanta. Tsoma shuɗiyar takardar litmos a kowanne. Ta cikin ruwan gishiri za ta fito yadda ta shiga, ta cikin ruwan alif kuwa nan take za ta yi ja, alamar akwai asid. A wurin masana kimiyyar sinadarai dukansu biyu gishiri ne, kuma babu wanda ya ɗiga asid a kofin. To daga ina ya fito?

Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan salfet ɗin da ke cikin alif, tunda danginsa ne da asid ɗin batirin mota. Amma idan aka narka sodiyam salfet a ruwa, takardar ba ta ja. Idan kuwa aka narka alminiyam kulorayid ko alminiyam naitiret, waɗanda babu salfet a cikinsu, sai ta yi ja. Ke nan alminiyam ne mai aikin. Abin mamakin shi ne, abin da ke sa ruwa ya zama asid shi ne yawaitar ayon ɗin haidirojin, H⁺, alhali alminiyam ba shi da haidirojin ko ɗaya da zai bayar. Daga jikin ruwan kansa yake tatso shi.

Da alif ya narke, kowane atom na alminiyam yana yawo ne a matsayin ayon mai caji uku, Al³⁺. Ayon ne ɗan mitsitsi: daga tsakiyarsa zuwa gefe bai fi rabin na sodiyam da yawa ba, ga shi kuma cajinsa ya ninka na sodiyam sau uku. Caji mai yawa da aka matse a ɗan ƙaramin wuri yana da ƙarfin fizga sosai. Ƙwayar ruwa kuma, H₂O, oksijin ɗaya ce riƙe da haidirojin biyu, kuma ɓangaren oksijin ɗin ne ilektiron suka fi taruwa. Saboda haka ƙwayoyin ruwa shida sukan zo su kewaye alminiyam, kowace ta juyo masa da oksijin ɗinta ta manne: huɗu a gefe, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Irin wannan tsari na ƙarfe a tsakiya da masu kewaye shi, Alfred Werner ne ya bayyana shi a Zurich a 1893, har ya samu kyautar Nobel a kansa a 1913.

Alminiyam yana jan ilektiron ɗin oksijin zuwa gare shi. Oksijin ta ji an rage mata, sai ita ma ta ƙara jan ilektiron ɗin da take tarayya da haidirojin a kansu. Kamar uwa ce riƙe da hannun yara biyu a cunkoson kasuwa, wani ƙaƙƙarfa ya fizge ta ta baya: riƙon da ta yi wa yaran dole ya sassauta. Da wata ƙwayar ruwa ta waje ta zo wucewa, sai ta ɗauke haidirojin ɗin da riƙonsa ya yi sanyi.

```
[Al(H₂O)₆]³⁺ + H₂O ⇌ [Al(H₂O)₅(OH)]²⁺ + H₃O⁺
```

Wannan H₃O⁺ ɗin shi ne asid ɗin da takarda ta gani. Sunan wannan aiki a littattafan kimiyya haidirolisis, wato tsinka ƙwayar ruwa. Sodiyam ma ruwa yana kewaye shi, amma fizgarsa ba ta kai ta sassauta komai ba, shi ya sa ruwan gishirin miya yake zama a pH 7.

Kibiyar nan mai kai biyu tana da muhimmanci, kuma a nan ne wasu littattafan makaranta suke ɓatar da ɗalibai. Sukan rubuta cewa alminiyam kulorayid da ruwa suna ba da alminiyam haidiroksayid da asid ɗin haidirokulorik, kamar dai duka gishirin ne ya juye. Ina ganin wannan rubutu ya fi cutarwa fiye da amfani. Bari mu yi lissafi. Narka giram 47 na alif mai fotasiyam a lita ɗaya ta ruwa. Wannan ya ba da mol 0.1 na alminiyam. Ma'aunin ƙarfin asid na wannan ayon, Ka, kusan 0.00001 ne. A ninka shi da 0.1, a samu 0.000001, a ɗauki tushensa, a samu 0.001. Wannan shi ne mol na H⁺ a litar, wato pH kusan 3. Kwatanta 0.001 da 0.1 da muka fara da shi: ayon ɗaya ne kacal cikin ɗari ya saki haidirojin a kowane lokaci, sauran casa'in da tara suna riƙe da ruwansu shida cif. Asid ne mai rauni, kusan sa'an asid ɗin da ke cikin binega. Ƙarfen da ke cikin tsatsa, Fe³⁺, ya fi shi zafi a wannan aiki, maganiziyam mai caji biyu kuwa da ƙyar ake ganin tasirinsa.

Tunda sauran casa'in da taran suna nan a shirye, duk abin da zai kwashe H⁺ daga ruwan zai sa su ci gaba da saki. Za ka iya ganin haka a gida. Jiƙa kanwa, ka tace ruwanta, ka riƙa ɗigawa a ruwan alif mai kauri. Ƙananan kumfa za su fara tasowa, iskar kabon-dayoksayid ce da ke fita yayin da kanwa ke cinye asid. Ruwan zai yi fari, sannan wani abu mai yauƙi kamar kamu ya soma taruwa yana sauka a hankali. Alminiyam ya saki haidirojin na biyu da na uku, cajinsa ya ƙare, ya zama Al(OH)₃, wanda ba ya narkewa a ruwa.

Wannan farin yauƙin shi ne yake tattaro laka ya kai ta ƙasan randa, kuma shi ne gidajen ruwa suke nema idan suka zuba alminiyam salfet a ruwan kogi. Sai dai kowane ayon da ya zama yauƙi ya bar H⁺ uku a baya, dole a samu abin da zai shanye su. Ruwan kogi yana da baikabonet nasa da ke yin wannan aiki, amma ba kowane ruwa ne yake da isasshe ba. Ƙa'idar injiniyoyin ruwa ita ce, kowane miligiram ɗaya na alminiyam salfet yana cinye kusan rabin miligiram na wannan kariya, idan aka auna ta da sikelin alli. A ce damina ta kawo laka, an zuba miligiram 30 a kowace lita. Ana bukatar kariya 15. Idan ruwan 10 kawai yake da ita, pH zai faɗi ƙasa da 6, inda yauƙin ba ya haɗuwa da kyau, alminiyam ya ci gaba da zama a narke.

Alamun ba sa ɓuya. Ruwa yana ƙin washewa duk da an ƙara magani, yana ɗaure harshe da bauri da ɗan tsami, kuma yana cin duro da bututun ƙarfe da sauri. Wanda bai san dalili ba sai ya ƙara alif, abin ya ƙara lalacewa. A gidan ruwa, farar ƙasa ake zubawa don a maido da pH tsakanin 6 da 7.5. A gida kuwa, a rage alif ɗin ko a ƙara ruwa. Ya kamata a sani kuma cewa alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta, don haka ruwan da ya washe ma sai an tafasa shi ko an sa masa kulorin kafin a sha.