Turke da igiya: inda jeri marar ƙarewa yake natsuwa

Akuyar da aka ɗaure a turke tana iya kiwo ta kowane ɓangare, amma iyakarta tsawon igiyarta. Haka wani nau'in jeri yake a lissafi, wanda ake tara lambobi ba iyaka, kowace lamba tana ɗauke da x da aka ninka da kansa sau ɗaya, sau biyu, sau uku, har abin da ya yi sama. Wani x ɗin idan aka saka shi, jimlar sai ta natsu kusa da adadi guda. Wani kuma sai ta ɓalle. Aikin shi ne a gano turken, a auna igiyar, sannan a je bakin iyaka a duba da ido.

Ga jerin da za mu bi, inda n yake farawa daga 1:

```
Σ (x − 2)^n / (n · 3^n)
```

Turken yana kan 2, domin a nan kowace lamba ta zama sifili. Mu matsa zuwa x = 3. Lambobin su ne 1/3, 1/18, 1/81, 1/324, kuma jimlarsu tana ta matsawa kusa da 0.405. Amma a x = 8 sai mu sami 2, 2, 2.67, 4, 6.4, kullum ƙaruwa suke yi. Ke nan igiyar ta ƙare a wani wuri tsakanin 3 da 8.

Hanyar auna ta tana ɗauke da sunan Bafaranshen nan d'Alembert. A ɗauki lamba ɗaya a jerin, a raba ta da wadda ta gabace ta, a yi watsi da alamar ragi. Bayan an soke abin da ya soku, saura:

```
(|x − 2| / 3) · n / (n + 1)
```

Idan n ya girma, n/(n + 1) yana kusantar 1; a n = 999 ma ya kai 0.999. Abin da ya rage shi ne |x − 2|/3. In wannan bai kai 1 ba, lambobin suna ƙanƙancewa da saurin da zai sa jimlar ta natsu. In ya wuce 1, ta ɓalle. Saboda haka nisan x daga 2 kada ya kai 3. Wannan 3 ɗin shi ne tsawon igiyar, wato radiyos, kuma filin kiwon ya tashi daga −1 zuwa 5.

A nan ne ɗalibai da yawa suke ajiye biro, kuma a ganina nan ne aikin ya fi daɗi. A kan −1 da 5 daidai, rabon yana ba da 1 cif, gwajin kuwa ba ya cewa komai game da 1. Dole a saka kowanne cikin jerin na asali, a duba shi shi kaɗai.

A x = 5, 3^n na sama ya soke na ƙasa, sai jerin ya koma 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4, haka dai. Lambobin suna ta ƙanƙancewa, har mutum ya rantse jimlar za ta tsaya. Guda dubu na farko ma ba su kai 8 ba. Amma Nicole Oresme ya nuna tun ƙarni na 14 cewa ba ta tsayawa. Ka haɗa 1/3 da 1/4, sun fi rabi. Ka haɗa huɗun da ke biye, daga 1/5 zuwa 1/8, su ma sun fi rabi. Takwas na gaba ma haka. Rabi a kan rabi ba iyaka zai wuce duk adadin da ka ambata. Don haka 5 yana waje.

A x = −1 lambobin ba su canza ba, sai dai alamarsu tana juyawa: −1 + 1/2 − 1/3 + 1/4. Jimlar tana zuwa −1, ta dawo −0.5, ta koma −0.83, ta dawo −0.58, kamar lilon da ƙarfinsa ke mutuwa. Ƙa'idar Leibniz ta ce muddin alama tana juyawa, kuma kowace lamba ta fi ta bayanta ƙanƙanta har suna dosar sifili, jimlar za ta natsu. A nan tana dosar −0.693. Ke nan −1 yana ciki.

Ana rubuta amsar haka: [−1, 5). Baka mai kusurwa tana nufin an haɗa da −1, mai lanƙwasa kuma tana nufin an bar 5.

Radiyos ba ya gaya maka halin bakin iyaka. Da n² ne a ƙasa a madadin n, igiyar tana nan a 3, amma duka gefen biyu za su shiga, domin jimlar 1/n² tana natsuwa. Da kuma an cire n ɗin gaba ɗaya, a x = 5 za a yi ta tara 1 + 1 + 1, a x = −1 jimlar ta riƙa tsalle tsakanin −1 da 0, gefen biyu duk su fita, amsar ta zama (−1, 5).