Lissafin ranar ritaya a Excel: warware kwanan wata da sake haɗa shi

Excel ba ya ajiye kwanan wata yadda ido ke ganinsa. Lamba ce zalla yake riƙewa, yana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu 1900, wadda ita ce lamba 1. Shi ya sa 1 ga Janairu 2025 a wurinsa 45658 ce; abin da ke bayyana a gurbi riga ce kawai aka sanya wa lambar. Don haka in kana son shekarar kaɗai, yankan haruffa ba zai yi ba, sai ka tambaye shi.

A ce ma'aikacin ofis yana fitar da ranar ritaya, wadda a aikin gwamnatin Najeriya kan zo da cikar shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. A gurbin A2 akwai ranar haihuwa, 14 ga Agusta 1966. `=DAY(A2)` zai ba shi 14, `=MONTH(A2)` ya ba shi 8, `=YEAR(A2)` kuma 1966. Mai mayar da su wuri ɗaya shi ne `DATE`, wanda ke karɓar shekara, sai wata, sannan rana, ba yadda muka saba faɗa ba:

```
=DATE(YEAR(A2)+60,MONTH(A2),DAY(A2))
```

Amsa: 14 ga Agusta 2026. Wani zai ce me ya hana a ninka 365 sau 60 a ƙara? Tsakanin shekarun nan akwai Fabrairu 15 masu kwana 29, sai lissafin ya tsaya a 30 ga Yuli, a sallami mutum da sauran mako biyu.

Halin `DATE` da ya kamata a sani shi ne ba ya musu. Ka ba shi wata na 14 a 2025, ya miƙo maka Fabrairun 2026. Wannan na da amfani: `=DATE(2024,3,0)` na ba da ranar ƙarshe ta Fabrairu, wato 29. Amma yakan yi ɓarna shiru. Wanda ya kama aiki ranar 29 ga Fabrairu 1992, in aka ƙara masa 35 sai a faɗa 2027, shekarar da babu wannan ranar, kuma Excel zai tura shi 1 ga Maris ba tare da ya ce uffan ba. In 28 ga Fabrairu ake so, `=EDATE(DATE(1992,2,29),420)` ne ke tsayawa a ƙarshen wata.

In `#VALUE!` ta fito, galibi kwanan watan rubutu ne aka shigar, ba lamba ba. Za ka gan shi manne a hagun gurbi maimakon dama. Gurbin da babu komai kuwa ya fi yaudara, domin `YEAR` zai ce 1900, sai ka tarar da ma'aikacin da wai ya yi ritaya tun kafin a ɗauke shi aiki.