Saita Sauti: Na Kiɗa Daban, Na Karatu Daban

Sau da yawa mutum kan kunna karatun Alƙur'ani a mota ko a waya, sai ya ji muryar makarancin kamar daga cikin randa take fitowa. Galibi ba lasifikar ce ta lalace ba. An bar saitin sauti ne a kan Bass Boost tun lokacin da aka saurari kiɗa.

A wayoyin Android da dama, idan ka buɗe Equalizer za ka tarar da layuka biyar: 60 Hz, 230 Hz, 910 Hz, 3.6 kHz da 14 kHz. Na hagu su ne kaurin sauti, irin rugugin ganga, na dama kuma kaifinsa. Maganar ɗan Adam a tsakiya take zaune.

Ga mai sauraron karatu ko wa'azi, layuka biyu ne abin lura. Kaurin murya yana taruwa a wajajen 230 Hz, kuma idan ya yi yawa sai ya danne haruffa, musamman a karatun da aka naɗa cikin masallaci mai amsa-kuwwa. Ka sauke shi da kamar 3 dB, ka sauke 60 Hz ma, don babu abin da murya ke nema a can sai gurnanin na'ura. Sannan ka ɗaga 3.6 kHz da 2 dB. A nan baƙaƙe ke fitowa tangaran, har mai bin tajwidi ya rarrabe sinun da shinun ba tare da ya ƙure ƙara ba. Idan ka ji "s" tana soka maka kunne, ka zarce. Koma baya kaɗan.

Kiɗa mai nauyi kuwa ya riga ya zo da kaurinsa daga situdiyo. Duk ƙarin 3 dB na buƙatar ninkin ƙarfin da lasifika ke ja, 6 dB kuma ninki huɗu. Shi ya sa ƙaramar lasifika ke kakari, ƙofar mota ke karkarwa, muryar mawaƙi ta nutse. Dabarar ita ce a ɗaga 60 Hz kaɗan kawai, a rage 230 Hz, sai ganga ta fito da nauyi ba tare da laka ba. Lasifikar jikin waya kam, kada ma ka wahalar da ita, 60 Hz ya fi ƙarfinta.

Shiryayyun saituna irin su Vocal ko Pop ba abin yarwa ba ne. Vocal na taimakon wa'azi, ɗan ƙarin kauri kuma na da amfani idan ana saurare ƙasa-ƙasa, domin kunne ba ya kama kaurin sauti sosai in ƙara ta yi kaɗan. Amma wanda ya tsara su bai san lasifikarka ba. Ɓarnar ta fi muni idan an kunna ɗaya a waya, wani kuma a rediyon mota, suka hau kan juna.

Don haka ka mayar da ɗayan zuwa Flat, ka yi gyaranka a ɗaya kawai, da karatun da kunnenka ya saba da shi.