Yumɓu, gawayi ko yashi: wace matata ce ta dace da ruwan gidanka?

Idan ka tashi sayen matatar ruwa, ko haɗa ta da kanka, tambayar da za ka fara yi ita ce: me ke damun ruwan gidana? Gasasshen yumɓu da sarrafaffen gawayi da yashi duk ana kiransu matata, amma ba aiki ɗaya suke yi ba. Mutum zai iya kashe kuɗi ya sayi mai kyau, iyalinsa su ci gaba da gudawa, don kawai abin da ya saya maganin wata matsala ce daban.

Ka ɗebi ruwan da kuke sha a cikin gorar roba mai haske, mai cin lita 2, ka ɗora ta a kan takarda mai manyan haruffa, ka leƙa ta baki zuwa ƙasa. In ba ka iya karanta haruffan, ruwanka ya yi laka da yawa. Sai ka sansana, ka ɗanɗana. Daga nan ka tambayi kanka inda ruwan ya fito da hannayen da ya bi: rijiya ce a buɗe, kusa da masai? Jarkar mai garuwa ce? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci, domin ƙwayoyin cutar kwalara da taifot ba su da launi ko wari. Ruwa zai yi garau kuma yana ɗauke da su.

Mu fara da yumɓu, tunda tukwane ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ana kwaɓa yumɓu da garin katako ko buntun shinkafa da aka tankaɗe, a matse shi ya zama tukunya, a gasa. Wuta na cinye garin katakon, sai ta bar ƙananan ƙofofi masu lanƙwasa a jikin tukunyar. Yawanci ana shafa mata ruwan azurfa, wanda ke kashe bakteriya. Wani masani ɗan ƙasar Guatemala, Fernando Mazariegos, shi ya ƙirƙiro wannan tsari a 1981, kuma a yau ana yin irinta har a yankin Tamale da ke arewacin Gana. Akwai kuma mai siffar kyandir da ake ɗaurawa tsakanin bokiti biyu, ita aka fi gani a shaguna.

Don ka gane iyakarta, ka riƙe wannan ma'auni: maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin silin gashi ya kai kamar maikiron 70. Bakteriya tana da tsawon maikiron 1 zuwa 2, ƙwan tsutsar ciki ya fi ta girma nesa ba kusa ba. Waɗannan yumɓu na tare kusan dukkansu. Bairos kuwa, irin mai jawo ciwon hanta na shawara ko gudawar yara, bai kai kashi ɗaya cikin goma na maikiron ba, don haka da yawansa na wucewa. Aibunta na biyu shi ne jinkiri: tukunya mai lafiya na ba da lita 1 zuwa 3 ne a awa guda, kuma ruwa mai laka na toshe ta cikin 'yan kwanaki.

Yashi kuma aikinsa ya bambanta da yadda yawancinmu ke zato. Ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi sun fi bakteriya girma sosai, to ta yaya yake tare ta? Amsar tana cikin santimita biyu na sama. Idan aka bar yashin a cikin ruwa kullum, wasu ƙananan halittu na taruwa su yi yauƙi a samansa, su riƙa cinye ƙwayoyin cutar da suka shigo. Saura kuma su manne a jikin yashin da ke ƙasa, inda babu abinci, su mutu. Wato matatar yashi abu ne mai rai. Irin ta gida, wadda David Manz na Jami'ar Calgary a Kanada ya tsara a shekarun 1990, akwati ne na siminti ko roba mai tsayin kusan mita ɗaya. Tsakuwa a ƙasa, sai yashi mai laushi, wankakke, mai zurfin kamar santimita 55. Bututun fitar ruwa ana ɗaga bakinsa yadda kullum ruwa mai zurfin santimita 5 zai kwanta a kan yashin. A sama akwai faranti mai ƙananan huji, don kada ruwan da ka zuba ya farke yauƙin.

Wannan ya sa bokitin da aka cika da yashi aka huda gindinsa, irin wanda muka yi a makaranta, ba shi ne ake nufi ba. Yana rage laka, shi ke nan, domin yashin na bushewa tsakanin zubi da zubi. Ita ta gaskiyar tana bukatar kusan kwana 30 ana zuba mata ruwa kullum kafin yauƙin ya nuna. Ko bayan ta nuna ba ta kai yumɓu tare bakteriya ba, amma ta fi shi sauri, kuma ta fi shi jure laka.

Gawayi shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Sarrafaffen gawayi ana samunsa ne idan aka sake gasa gawayin katako ko na ɓawon kwakwa da tururi mai tsananin zafi, har cikinsa ya cika da ƙofofi. Giram ɗaya na iya samun faɗin ciki da ya kai murabba'in mita 1,000. A wannan faɗin ne abubuwan da ke jawo wari da ɗanɗano, da wasu magungunan feshin gona, suke mannewa. Yana kuma cire kilorin. Amma ba a dogara da shi wajen ƙwayoyin cuta. Abin da ya fi muni, tsohon gawayi mai danshi matattara ce ta bakteriya, kuma idan ƙofofinsa suka cika ba ya nuna wata alama, ruwa zai ci gaba da wucewa kamar kullum. In warin da ya ɓace ya dawo, ya daɗe da gajiya. Gawayin girki da ake dakawa a zuba yana ɗan rage wari, amma bai kama ƙafar sarrafaffen ba.

Yanzu mu ɗauki misali. Gida mai mutum takwas, suna shan ruwan rijiyar tsakar gida. Da rani ruwan fes yake, da damina sai ya koma ja, ba a iya karanta haruffa ta cikin gorar. Ba wari, ba ɗanɗanon gishiri. Masai bai fi taku goma daga rijiyar ba. In muka ba kowa lita 3 na sha a rana, lita 24 ke nan, kusan jarka ɗaya.

Gawayi ya fita tun farko, domin matsalarsu laka ce da ƙwayoyin cuta. Tukunyar yumɓu fa? A takarda, lita 2 a awa sau awa 12 ya ba da lita 24, kamar ta isa. A zahiri ba haka ba ne. Ana auna gudun ne lokacin da tukunyar ke cike, kuma yana raguwa yayin da ruwan ke sauka. Tukunyar na cin kamar lita 8 zuwa 10, sai an cika ta sau uku a rana kafin a kusanci abin da ake bukata, kuma ruwan damina zai rage wannan gudun cikin mako guda. Abin da ke biyo baya sananne ne: yara su ji ƙishi, a koma ga guga.

Matatar yashi na karɓar lita 12 a zubi ɗaya. Zubi biyu ya biya bukatar sha, huɗu ya haɗa da girki. Sharaɗin shi ne a bar ta ta huta aƙalla awa ɗaya tsakanin zubi da zubi, in an samu awa shida ya fi, kuma kada ta wuce kwana biyu ba a zuba mata ruwa ba. Ga wannan gida, ni yashi zan zaɓa, da ƙari biyu. Da damina a bar ruwan ya kwana a bokiti, ko a sa masa alif ko dakakken ƙwallon zogale, a tsiyaye na sama kafin a zuba. Bayan tacewa kuma a tafasa ko a sa kilorin, saboda rijiyar da ke kusa da masai ba a yi mata sassauci. Ka kula da jerin: kilorin bayan yashi yake zuwa. In ka zuba ruwa mai kilorin a matatar, ka kashe yauƙin da ka yi wata guda kana reno.

Da a ce gidan mutum huɗu ne, suna sayen ruwan burtsatse mai haske a wurin 'yan garuwa, da yumɓu zan ce, domin lita 12 kawai suke bukata, kuma tukunyar na zuwa da bokitinta mai murfi da famfo, ba a tsoma moɗa. Gawayi kuma na mai ruwan famfo ne da aka riga aka sa wa kilorin, warin ne kawai ke damunsa. Shi ma ya tace abin da zai sha a ranar, domin ruwan da aka cire wa kilorin ba shi da kariya in ya zauna a randa.

Ta yaya za ka san matatarka ta lalace? Agogo da gorar lita ɗaya sun isa. Cika tukunyar yumɓun da ta riga ta jiƙu, ka auna abin da ya sauka a awa ɗaya. In ya yi ƙasa da lita ɗaya, ka goge cikinta da burushi mai laushi da tataccen ruwa, ban da sabulu, kuma kada hannunka ya taɓa bayanta. In kuwa ya haura lita 3, ko gudun ya ƙaru haka kawai, kada ka yi murna, ta tsage ne, ko da idonka bai ga tsagar ba. Ƙwanƙwasa ta: mai lafiya na yin ƙara, tsagaggiya sai ka ji dum. Ba a gyara ta, sauyawa ake yi. Ita ta yashi, in tana cike, bai kamata ta cika gorar lita ɗaya a ƙasa da minti biyu da rabi ba. In ta fi haka sauri, yashin ya yi gautsi ko an wanke shi fiye da kima. In ta yi jinkirin da ya dame ka, ka ƙara ruwa, ka motsa saman yashin kaɗan da tafin hannu, ka kwashe ruwan da ya gurɓace. Kada ka tono yashin.

Akwai ruwan da duka ukun ba za su gyara ba. Abin da ya narke ƙwarai, kamar gishiri, ko naitiret daga taki da masai, ko fulorayid daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, wucewa yake yi ta cikinsu, kuma tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi. A garin Tibiri na jihar Maraɗi, ruwan burtsatse mai yawan fulorayid ya ɓata haƙora da ƙasusuwan yara da yawa, alhali ruwan garau yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fulorayid a miligiram 1.5 a lita, naitiret kuma 50. In ka ga haƙoran yaran unguwa da suka tashi da ruwa ɗaya suna yin ɗigo-ɗigon fari ko ruwan ƙasa, ka kai lita ɗaya ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko na jami'a mafi kusa kafin ka sayi komai.