Hoton Allo Daga Belel: Amsa Biyu, Ɗaya Baƙuwa

Yau shirin namu na 'yan makaranta ne masu shirin WAEC da NECO, don haka a jawo biro da takarda.

Daga Belel, can bakin iyakar Kamaru a Ƙaramar Hukumar Maiha, ƙanwata ta ɗauki hoton allon ajinsu ta turo mini nan Mubi. Hasken taga ya cinye gefen allon, alli kuma ya dushe. Ga tambayar:

log₂ x + log₂ (x − 2) = 3

Kafin komai sai da na buɗa hoton, saboda 'yar ƙaramar lambar da ke gindin log, wato tushe, ita ce takan fara ɓacewa. Wanda bai ga 2 ɗin nan ba zai ɗauka tushen 10 ne, ya kama hanyar da ba ta ɓullewa. Na kwafe tambayar da hannu, na ce ta duba ko haka malaminsu ya rubuta. Ta ce, "Haka ne, Yaya."

To, idan an tara log biyu masu tushe ɗaya, abin da ke cikinsu ake ninkawa. Ke nan x sau (x − 2) daidai yake da 2 sau 2 sau 2, wato 8. Aka samu x² − 2x − 8 = 0, ya ba da 4 da kuma −2.

A nan yara da yawa ke ajiye biro, a nan kuma maki ke zubewa. Ku mayar da kowace amsa cikin tambayar asali. Da 4, log₂ 4 ya ba da 2, log₂ 2 ya ba da 1, jimla 3. Ta zauna daram. Da −2 fa? Sai ka tarar da log₂ (−2), alhali ko sau nawa ka ninka 2 da kanta, ba za ta taɓa sauka ƙasa da sifili ba. Baƙuwa ce. Ta shigo ne lokacin da muka haɗe log ɗin biyu, domin −2 sau −4 ma 8 ne.

Haka abin yake a 4ˣ − 2ˣ − 12 = 0. Ka kira 2ˣ da sunan y, za ka samu 4 da −3. Ka watsar da −3, x ya zama 2.

Amma don Allah kada a ce duk amsa mai alamar ɗebewa korarriya ce. Ƙanwata ta so ta haddace hakan, na hana ta. Na ba ta log₂ (x + 5) = 2, ta samu −1. Na ce ta mayar. Ta ga abin da ke cikin baka ya zama 4, amsar kuma ta tsaya da ƙafarta.