Turbiyon: Kejin da Ke Juyawa a Cikin Agogo, Yana da Sauran Amfani Kuwa?

A fuskar wasu agogunan hannu masu tsada akan bar wata 'yar taga, galibi wajen lamba shida, inda za ka ga wani ɗan keji na ƙarfe yana juyawa a hankali, wani zobe kuma yana kai-komo a cikinsa. Wannan shi ne turbiyon. Masu sayarwa sukan ce yana hana jan ƙasa ɓata lokacin agogo. Maganar tana da tushe, amma tushen nata a agogon aljihu yake, na shekaru fiye da ɗari biyu da suka wuce.

Agogon da ake wanawa ba shi da batir. Ƙarfinsa daga wani babban sifirin yake fitowa, wanda ke warwarewa sannu a hankali yana tura gargarori masu haƙora. Abin da ke auna lokacin shi ne wani zobe mara nauyi da ke lilo, dama da hagu, an ɗaure shi da sifirin siriri kamar gashi. Kowane lilo yana sa wata 'yar ƙugiya ta saki haƙori ɗaya, kuma wannan ne ƙas-ƙas ɗin da kunne ke ji. A yawancin agogunan yau bugun yana kai sau 8 a sakan, wato 28,800 a awa. In lilon ya ƙara sauri ko da ƙanƙani, agogo ya wuce lokaci. In ya rage, ya yi latti.

Matsalar ita ce babu zoben da nauyinsa ya rabu daidai cif a kowane gefe, kuma siririn sifirin ma tsakiyar nauyinsa tana ɗan gusawa yayin da yake buɗewa da tsukewa. Idan agogo yana kwance, wannan ba ya yin wani tasiri sosai. Da zarar an tsayar da shi, sai ƙasa ta riƙa jan gefen da ya fi nauyi, kuma kuskuren ya danganta da inda gefen ya fuskanta. Agogon aljihu kuwa a tsaye yake wuni a aljihun falmaran.

Wannan ne abin da Abraham-Louis Breguet, haifaffen Neuchâtel da ke Suwizalan wanda ya yi sana'arsa a Faris, ya nemi magancewa. A ranar 26 ga Yuni, 1801 ya samu takardar mallakar fasahar. Dabararsa ita ce a ɗauki zoben, da sifirinsa, da ƙugiyar, a zuba su duka cikin keji ɗaya mai juyawa, wanda a yawancin agoguna ke kammala zagaye a minti guda. Kamar yadda mai gashi ke juya nama don kowane gefe ya sami rabonsa na wuta, haka kejin ke kai gefen mai nauyi sama, da ƙasa, da dama, da hagu.

Mu ƙaddara wani agogo marar turbiyon aka gwada shi a tsaye. Idan maɓallin wani yana sama, yana ƙara sakan 6 a rana. Idan yana ƙasa, yana rage 6. A hagu yana ƙara 2, a dama yana rage 2. Mai shi ba zai san abin da zai samu gobe ba, domin ya danganta da yadda agogon ya zauna a aljihu. Da an saka zoben nan a keji, zai ratsa duk waɗannan matsayi a kowane minti, ƙarin da ragin su cinye juna. Ko da wani abu ya saura, zai zama adadi ɗaya tak a duk tsayuwa, wanda magyari zai iya saitawa. Zoben bai gyaru ba, lahaninsa yana nan, an dai raba shi ne.

To amma mu kwantar da wannan agogon a kan tebur, fuska sama. Nan gogayyar da ke kan sandar zoben takan ragu, lilonsa ya ƙara faɗi, saurinsa ya sauya, a ce ya koma ƙara sakan 5 a rana. Kejin yana ta juyawa, amma ba ya taimaka komai, domin jan ƙasa yana bin tsawon sandar ne, ba ya jan wani gefe. Bambancin kwance da tsaye yana nan daram.

A nan ne agogon hannu ya canza lissafin. Hannu ba ya zama wuri ɗaya. Mai rubutu ko mai aiki da kwamfuta agogonsa kusan a kwance yake, mai tafiya nasa yana rataye, mai tuƙi nasa a karkace, da dare kuma a ajiye shi kan tebur. Motsin hannun da kansa yana yin wani ɓangare na aikin kejin, ko da yake ba cikin tsari ba. Sannan kejin yana da nasa kuɗin shiga. Ko da yake sau da yawa bai kai giram ɗaya ba, dole a tayar da shi a tsayar da shi a kowane bugu, kuma wannan yana cin ƙarfin da ya kamata ya isa ga zoben. Idan shi kansa kejin ba a daidaita nauyinsa ba, sai ya ƙara sabon kuskure. Gyaransa ma sai ƙwararre.

Kayan aiki kuma sun sauya. Yanzu injuna ne ke daidaita nauyin zobe da ƙwarewar da hannu bai kai ba a zamanin Breguet, ana kuma yin sifirin da gaurayen ƙarafa ko da silikon, waɗanda zafi da maganaɗisu ba sa damunsu sosai. Hukumar COSC ta Suwizalan tana gwada injin agogo na kwana 15, a matsayi biyar da yanayin zafi uku, sai wanda matsakaicin kuskurensa ya tsaya tsakanin ragin sakan 4 da ƙarin sakan 6 a rana take ba shaida. Kusan duk masu samun wannan shaida ba su da turbiyon. Rolex ma, da ke alkawarin sakan 2 sama ko ƙasa a rana, ba ya amfani da shi.

Duk da haka ban yarda da masu cewa ado ne kawai ba. A 1947 Omega ya ƙera wasu injunan agogon hannu masu turbiyon domin gasar daidaito, kuma ɗaya daga cikinsu ya yi fice a Janeba a 1950. Da aka farfaɗo da irin wannan gasa a Le Locle, turbiyon na Jaeger-LeCoultre ne ya yi nasara a 2009. A 2011 kuma na Greubel Forsey ya lashe, mai keji biyu, na cikin an karkata shi da digiri 30 don kada zoben ya daɗe a cikakkiyar kwanciya ko cikakkiyar tsayuwa. Sai dai a lura da abu biyu. Waɗannan gwaje-gwaje ana yinsu ne da agogo a kafe a matsayi ɗaya na tsawon yini, yanayin da ya fi dacewa da keji. Kuma agogunan an ɓata lokaci mai yawa ana saita su da hannu, ta yadda da wuya a raba rabon kejin da rabon magyari. A ganina turbiyon mai kyau yana iya rage tazarar da ke tsakanin matsayin tsaye, amma a hannun mai yawo ribar ba ta wuce abin da saiti mai kyau zai bayar a agogo marar keji ba. Agogo mai batir na kasuwa kuwa, da kuskurensa bai cika wuce sakan 15 a wata ba, ya fi su duka biyun riƙe lokaci.

Wanda ke son saye don sha'awar aikin hannu, ya yi hattara da kwaikwayo. Agoguna da yawa masu arha suna da taga da ke nuna zobe yana lilo, a kira su turbiyon alhali ba su ba ne. Ka zuba wa tagar ido na sakan 15. A turbiyon na minti ɗaya, dukan kejin da zoben cikinsa za su gusa kwatar zagaye. In zoben yana kai-komo ne kawai a wurinsa, ginshiƙin da ke riƙe da shi bai motsa ba, to taga ce aka huda a fuskar agogo.